Finafinan Chainis daga tushe: memori cikakke ko jerin hannunka?

“’Yan’uwa, ina so in kalli finafinan faɗa na Chainis bi da bi, tun daga na farko har na zamani. In sayi memorin da aka riga aka cika, ko in rubuta sunaye in kai wa mai tura fim? Ƙauyenmu wajen Ringim, data tsada gare ta.”

Ƙanena, rubuta jerinka. Cikakken memori ina da guda a aljihun tsohuwar jaka, kuma abin da kawai zan ce a kansa shi ne yana da araha. Masu cika shi jarumi suke bi, su tara na Jackie Chan wuri guda, na Jet Li wuri guda, ba ruwansu da wanne ya riga wanne.

Nawa jerin bai kai fim goma ba, amma shi muka kalla a ƙofar gida bayan an gama shigar da gero, har dattijon da ke mana faɗan ɓata lokaci ya jawo tabarmarsa. Kada ka wahalar da kanka neman ainihin tushen. The Burning of the Red Lotus Temple da aka fara a Shanghai a 1928 ya ɓace, babu mai shi. Ka fara da Come Drink with Me na 1966, zamanin takobi, inda mace ce jarumar, Cheng Pei-pei. Faɗan zai yi maka kamar rawa, ka yi haƙuri da shi, domin in ka iso Crouching Tiger, Hidden Dragon na 2000 za ka sake ganin matar nan, ta manyanta, ta koma muguwa. A nan za ka gane cewa da gangan aka ɗauko ta.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce bin mutum ɗaya na cikin labari, a ga yadda kowane zamani ya juya shi. Ɗauki Wong Fei-hung, wanda mutum ne na gaske, mai magani kuma malamin faɗa a kudancin Chana. Daga 1949 Kwan Tak-hing ya riƙa fitowa a matsayinsa, dattijo mai nutsuwa da ladabtar da almajirai. Yawancin waɗannan baƙi da fari ne, da wuya ka samu a wajen masu turawa, in babu ka wuce. A Drunken Master na 1978 Jackie Chan ya mayar da shi gagararren yaro da ubansa ya gaji da shi, ya miƙa shi ga wani tsoho mashayi ya hore shi. Dariyar fim ɗin rabinta a nan take, don masu kallon lokacin sun san mutumin da kamala. Sai Once Upon a Time in China na 1991, Jet Li ya dawo masa da girmansa, amma yanzu yana fuskantar Turawa da bindigoginsu, ana tambayar ko hannu zai iya da harsashi.

Haka za ka yi da Fist of Fury na 1972 da Fist of Legend na 1994. Labari ɗaya ne, almajiri mai ɗaukar fansar malaminsa a Shanghai. Bruce Lee fushi ne tsagwaronsa, shi kuwa Jet Li har budurwa ’yar Japan gare shi. Ka rufe da Kung Fu Hustle na 2004, wanda ke tsokanar tsofaffin duka.

In an tura maka, canza sunan kowane fayil ka sa shekara a gaba, kamar `1972 Fist of Fury`, sai ka ce wa waya ta jera da suna.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi abu biyu ranar kasuwa. Bruce Lee ya rasu a 1973, bayansa aka fito da masu kwaikwayonsa irin su Bruce Li da Bruce Le. Duk wanda ya ce yana da finafinan faɗansa ashirin, waɗannan ya tara maka. Har sunayen ma suna rikitarwa, don The Big Boss na 1971 an taɓa sayar da shi da sunan Fists of Fury, harafi ɗaya ne bambancinsa da Fist of Fury. Ka buɗe ka duba: in a masana’antar ƙanƙara ake labarin, The Big Boss ne. Na biyu memorin jabu, an rubuta giga 32 a jiki alhali cikinsa bai kai ba. Sunayen duk za su fito, amma na ƙarshen da aka tura ba za su buɗu ba. Kafin ka biya, buɗe fim ɗin da aka tura ƙarshe, ka ja shi zuwa kusa da ƙarewa a gaban mai shagon.