Rage gudun moto: VFD ko rage wuta kawai?

Tambaya: "Ina da moto mai fes uku, kilowat 4, an rubuta 400 V, 50 Hz, 1440 rpm a jikinsa. Yana jan bel ɗin ɗaukar hatsi, kuma ina son gudun ya ragu zuwa rabi. Wani ya ce in rage masa wuta da bariyak, wani ya ce sai VFD. Mene ne bambancin?"

Malam, gudun irin wannan moto yana bin firikwensi ne, wato sau nawa wutar ke zuwa ta dawo a daƙiƙa. Idan n gudun maganaɗisu ne a minti, f firikwensi, p kuma adadin fol ɗin moto, lissafin shi ne:

```
n = 120 × f / p
```

Naka mai fol huɗu ne, don haka a 50 Hz maganaɗisun da ke cikin koyil yana zagaye 1500 a minti. Rota na bin sa a baya da ɗan santsi, shi ya sa aka rubuta 1440. Wannan tazarar 60 ita ke haifar da ƙarfin juyi.

Mu fara da bariyak, wato taransifomar da ake murzawa a rage ko a ƙara bolt. Ka rage wuta daga 400 zuwa 280, maganaɗisu na nan a 1500 domin firikwensi bai motsa ba. Abin da ya ragu shi ne ƙarfin juyi, kuma faɗuwarsa ta fi ta wutar tsanani: kashi 70 na wuta yana ba da kashi 49 na ƙarfi. Bel ɗin kuwa nauyinsa bai canza ba. Sai moto ya ƙara santsi, ya ja amfiya fiye da kima, rota ta yi zafi. Gudu zai ɗan sauka, daga nan moto ya tsaya cak yana gurnani, koyil ya fara warin ƙuna. Ba za ka taɓa samun rabin gudu da zai zauna ba. Fankar silin tana jure wannan dabara domin nauyinta na raguwa idan ta lafa. Bel mai hatsi ba haka yake ba.

VFD wata hanya yake bi. Dayod suna mai da wutar da ta shigo ta zama madaidaiciya, kafasita su tara ta a wajen bolt 560, sannan taransista su riƙa kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, su ƙera sabuwar wuta mai fes uku a firikwensin da ka zaɓa. Ka sa 25 Hz, maganaɗisu ya koma 750, rota ta zauna a wajen 690 da cikakken kaya.

To me ya sa yake rage bolt ɗin tare? Ƙarfin maganaɗisu a ƙarfen moto yana bin rabon bolt da firikwensi. A naka 400 a raba da 50 ya ba da 8. Da za a bar 400 a 25 Hz, rabon ya zama 16, ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu har ya kasa ɗauka, amfiya ta yi sama ko babu kaya. Saboda haka VFD yana ba da 200 a 25 Hz, 320 a 40 Hz. Rabon na nan a 8, ƙarfin juyi na nan yadda yake. Kilowat ne ke raguwa: a rabin gudu kusan 2 za ka samu, kuma ya isa, tunda bel ɗin ma rabin hatsi yake kaiwa.

Wannan rabo yana da iyaka ta gefe biyu. Ƙasa da 10 Hz ko makamancin haka, wayar koyil kanta tana cinye kaso mai yawa na ɗan bolt ɗin, sai moto ya kasa tashi da kaya. Akwai saitin ƙarin wuta da ake kira `torque boost`. A ƙara shi kaɗan kaɗan ana duban amfiya, domin in ya yi yawa moto zafi zai yi. Sama da 50 Hz kuma bolt ya riga ya ƙure a 400, gudu zai ƙaru amma ƙarfin juyi ya ragu.

Abin da na fi jin tsoro a aikinka shi ne sanyaya. Fankar moto a kan shaf ɗinsa take, in gudu ya yi rabi iskarta ta ragu sosai, alhali amfiya na nan kamar da. Idan zai wuni a 25 Hz da cikakken kaya, a sa masa fanka mai wutarta daban. Ko kuma, in rabin gudun ne kake so har abada, canza fuli ya fi araha, moto ya ci gaba da shan iskarsa a 1440. VFD ya cancanci kuɗinsa ne inda gudun zai riƙa canzawa.

In ka saya, shigar da bayanan jikin moto daidai: bolt, amfiya, firikwensi da gudu. Lokacin tsayawa kada ya yi gajere, domin moto zai mayar da wuta cikin kafasita, allo ya nuna `OV` ko makamancinsa ya kashe kansa. A tsawaita lokacin. Kuma a duba shigarsa: wanda ke cin fes ɗaya na 230 yana fitar da fes uku na 230 ne kawai, sai moton da aka rubuta wa 230/400 aka haɗa shi dalta.