Gargaɗi: guntun linkin da ake jefowa guruf ba sallama ba bayani

Jama'a, musamman manoman rani na Argungu, Augie, Suru da Bunza, ku saurara. Akwai wata damfara da ke yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, kuma ta ci kawuna naira 86,000 makon jiya, kuɗin da ya ware na man injin ban ruwa. Ina da shagon caji da gyaran waya, wayarsa ta kwana a hannuna, na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa zan iya faɗa muku yadda abin ya gudana.

Ranar Talata bayan Isha'i, lambar sakataren ƙungiyarsu ta manoman shinkafa ta turo abu ɗaya tak cikin guruf. Ba sallama, ba "ga sanarwa", ba komai. Na canza sunan don kada wani ya je nema, amma fasalinsa ke nan:

```
https://tallafi.gov.ng.rij
```

Wanda duk ya taɓa, sai waya ta ce masa "This site can't be reached". Linkin a gutsure yake, ba ya kai ko'ina.

Sai hasashe ya tashi. Wani ya ce ai rijistar taki ce, ya ji ƙishin-ƙishin za a raba yuriya. Wani ya ce a'a, rancen noma ne aka dawo da shi. Mu nan ba a yi mana dogon bayani kan rancen noma, don a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, kuma kowa ya san wanda ya samu da wanda aka bari don bai rubuta suna da wuri ba. Wani dattijo ya yi saƙon murya yana cewa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ne. Kafin ƙarfe goma na dare an yi saƙo ya fi arba'in, kuma duk cikinsu babu ɗaya daga sakatare. Ya jefa ya yi shiru.

Shirun nan da gangan aka yi shi. Da ya rubuta "gwamnati za ta ba kowa buhu goma", da an samu mai cewa ƙarya ne, a wace rediyo aka faɗa? Amma bai ce komai ba, don haka babu abin da za a ƙaryata. Kowa ya ɗauko abin da ya fi buƙata ya liƙa wa linkin. Mai neman taki ya ga taki, mai neman rance ya ga rance. Ɓarawon bai yi ƙarya ko ɗaya ba a cikin guruf, mu muka yi masa ita kyauta, har muna gardama a kan wacce ta fi.

Kawu bai iya haƙuri ba. Ya bi lambar sakatare ta gefe ya rubuta: "Malam Sakatare, wanga abu bai buɗewa, a turo muna cikakke." Minti biyu ba a yi ba amsa ta zo: "Yi haƙuri Alhaji, wajen kwafowa ne ya yanke. Ga shi, amma kada ka sa a guruf, gurbin mutum 20 kawai aka ba mu." Kun ga amfanin gutsurewar ke nan. Ta tace masa mutane: wanda ya biyo shi ta gefe, shi ne wanda ya riga ya yarda. Kuma kai ka nema da bakinka, abin da mutum ya roƙa kuwa ba ya tsayawa bincikensa.

Cikakken da aka turo wa Kawu ga kamanninsa:

```
https://tallafi.gov.ng.rijista.example.com/fom
```

Ya buɗe sumul, da tambarin ƙasa da launin kore da fari. Aka nemi suna, ƙaramar hukuma, girman gona, BVN. Shafi na biyu ya ce kuɗin rijista naira 1,500, a biya da kati. Kawu ya sa lambobin gaban katin, ranar ƙarewarsa, lambobi ukun baya, har da lambar sirri. Banki ya turo masa OTP, shafin ya nema, ya kwafa ya ba shi. Shafin ya ce an samu matsala, a sake. Ya sake. Alat biyu suka shigo a jere, 50,000 da 36,000.

Da sassafe ya zo shago yana huci, wai sakatare ya cuce shi. Na ce: "Kawu, kun kira shi kun ji muryarsa?" Ya ce a'a. Muka kira. Bawan Allah tun ranar Litinin ba ya iya shiga WhatsApp ɗinsa. Wani ya buga masa waya ya ce za a yi taron shugabannin ƙungiyoyi ta intanet, an turo masa lambar shiga, ya karanto. Lambobi shidan da ya karanto su ne waɗanda WhatsApp ke turowa idan za a ɗora asusunka a wata wayar. Shi yana can yana zaton wayarsa ce ta lalace, yana jiran ranar kasuwa ya kai gyara, wani kuma na amfani da hotonsa da sunansa.

Yanzu ku dawo kan linkin, don a nan nake so kowa ya koyi abu ɗaya. Ana karanta adireshin intanet ne daga dama zuwa hagu, ba kamar yadda muke karanta boko ba. Ku ɗauka ajami ne. Ka tsallake `https://`, ka tafi har sai ka ci karo da sandar farko mai jirge, wato `/`. Ka tsaya nan. Abin da ke gab da sandar ta hagu shi ne sunan mai gidan. A linkin Kawu, abin da ke gab da sandar shi ne `example.com`. Duk abin da ke hagunsa, har da `gov.ng` ɗin da ya ruɗi mutane, ado ne da mai gidan ya rubuta da hannunsa, kuma kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a wurin. Adireshin hukumar gwamnatin Nijeriya na gaskiya galibi da `.gov.ng` yake ƙarewa, sandar na biye da shi nan take, ba wani ɗigo a tsakani.

To ku duba inda aka yanke na farkon. An yanke shi daidai bayan `gov.ng`, an bar haruffa uku don ya yi kama da kuskure, an jefar da wutsiyar da ke ɗauke da sunan mai gidan. Ba hannu ne ya zame ba. An nuna mana rabin da ke sa a yarda, an ɓoye rabin da ke tona asiri. Lokacin da cikakken ya zo, idon Kawu ya riga ya saba da farkon, bai ko kalli ƙarshen ba.

Kada kuma wani ya ce mini ai akwai alamar kwaɗo ko `https`. Wannan yana nufin wani na tsakiya ba zai leƙa abin da kake turawa ba. Bai ce komai ba game da halin wanda kake tura wa. Ɓarawo ma yana sa wa ƙofarsa kwaɗo.

Akwai masu wayo kuma, irin yaran da ke zama a shagona, waɗanda idan sun ga guntun linki sai su ce bari su ƙarasa shi da ka. Wannan ma ganganci ne. Harafi ɗaya na canza gida gaba ɗaya. `.ng` Nijeriya ce, `.ne` Nijar ce maƙwabciyarmu ta bayan Kamba, `.cm` Kamaru ce, `.co` kuma ta Kolombiya ce, ba `.com` ba ce da ta rasa harafi. Sunan da ya ƙare da `.com.ng` idan aka gutsure shi ya koma `.com`, yana iya zama na wani mutum dabam a wata ƙasa dabam. 'Yan damfara na sayen irin waɗannan sunaye masu kama da na gaskiya, suna zaune suna jiran mai kuskuren harafi. Gajerun linki irin na `bit.ly` sun fi muni wajen hasashe, don haruffan bayansu ba su da ma'ana, kuma babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsu. Idan cikakke ne kana son sanin inda zai kai ka, ƙara masa `+` a ƙarshe, zai nuna maka adireshin ba tare da ya shigar da kai ba. Idan guntu ne, ba abin da za ka gano.

Gaskiya ba kowane guntun linki ne na mugunta ba. Yatsa na iya barin haruffan ƙarshe wajen kwafowa, tazara na iya shiga tsakiya ta raba shi biyu, rabi shuɗi rabi baƙi. Yaro ma na iya wasa da wayar uwarsa. Amma mai gaskiya idan aka ce masa bai buɗe ba, a cikin guruf yake gyarawa, kuma yana faɗin ko na mene ne. Wanda ya ja ka gefe, ya ce kada ka faɗa wa kowa, ya ce gurbi ya kusa cika, to ka san da wa kake magana.

Abin da nake roƙo bai da wuya. Linki ya zo shi kaɗai, ko daga lambar limaminku ne, kada ka tambaya a rubuce, don mai riƙe da asusun ne zai amsa maka. Buga masa kira na layi, ka ji muryarsa, ka ce me ka turo? Naira nawa ne kiran minti ɗaya? Masu kula da guruf kuma su goge irin wannan saƙo tun kafin a fara yi masa fassara, su cire lambar har sai an ji daga mai ita.

Idan an riga an ci ka, fara da banki: a toshe katin nan take, ta lambar da ke bayan katin ko ta manhajarsu, sannan ka je reshe da kanka ka shigar da ƙorafi a rubuce, da hoton alat ɗin. Wanda aka ƙwace wa WhatsApp ya sake ɗora shi da layinsa. Da zarar ya sa sabbin lambobi shidan da za a turo masa, an fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai an jira kwana 7. Wanda nasa ke hannunsa yanzu ya shiga Settings, Account, Two-step verification ya sa lambar sirri, ya kuma leƙa Linked devices ya fitar da duk na'urar da bai sani ba.

Sakatare dai ya faɗa cikin masu jiran kwana bakwai. Kafin asusun ya dawo hannunsa, mun ƙirga mutum huɗu a guruf ɗin da suka nemi "cikakke" ta gefe, biyu sun sa katinsu. Kawu ya sayar da buhu biyu na shanshera da ya ajiye don iri ya sayi mai, don shinkafa ta fara ɗaukar ciki, ba ta jiran amsar banki. Jiya da dare kuma wani guntun ya faɗo a guruf ɗin 'yan kasuwar albasa na Aliero, daga lambar ma'ajinsu, kuma kafin in gama rubuta wannan har an fara cewa na rancen ajiya ne.