Wane Hoto Za Ka Zaɓa Don Kwatanta Lafiyar Gona Bana Da Bara?

Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, ya mayar da mafi yawan hasken infared na kusa, wanda ido ba ya gani. Daga nan aka samo ma'aunin NDVI, lambar da ke nuna yawan ganye mai lafiya a hoton gona da aka ɗauka daga sama, inda NIR ke nufin infared na kusa, Red kuma jan haske:

```
NDVI = (NIR - Red) / (NIR + Red)
```

Lissafin ba wuya. Wurin da za ka samo lambobin biyu shi ne abin tunani, musamman in so kake ka ɗora damina kan damina ka ga bambanci. A ganina, hoton da aka auna iri ɗaya kowace shekara ya fi hoto mai kyau wanda ma'auninsa ke sauyawa.

Ga mai gonar hekta ɗaya zuwa ashirin, tauraron ɗan adam Sentinel-2 na Turai zan fara nuna masa. Kyauta ne, yana dawowa kan wuri duk kwana 5, kuma kowane ɗigo na hoton mita 10 ne, wato hekta ɗaya ta ƙunshi ɗigo 100. A cikin fayilolin hoton, ja shi ne mai suna B4, infared kuma B8. Ka ɗauki nau'in Level-2A, wanda aka riga aka rage masa tasirin iska da ƙura.

Sai dai akwai tarko a nan. Daga 25 ga Janairun 2022 an ƙara 1000 a kan lambobin da ke cikin hotunan. A ce shinkafar rani ce a Kadawa, a watan Maris na 2021 ja ya ba da 500, infared 4000. Ka raba 3500 da 4500, ka sami 0.78, shuka ta rufe ƙasa ke nan. A Maris na 2023 gonar tana nan yadda take, amma fayil ya nuna 1500 da 5000. Yanzu 3500 za ka raba da 6500, sai ka ga 0.54. Wanda bai san da zancen ba zai rantse taki ne ya gaza, har ya kashe kuɗi a banza. Alamar kuskuren ita ce duk gonakin yankin, har da bishiyoyin mangwaro, sun faɗi tare. Maganinsa ka cire 1000 daga kowace lamba ta hotunan da aka yi wa ƙarin kafin lissafi, ko ka yi amfani da tarin `COPERNICUS/S2_SR_HARMONIZED` a Google Earth Engine, dandalin Google na sarrafa hotunan tauraron ɗan adam, domin an riga an daidaita tarin. Duk kamfanin da zai sayar maka da manhajar sa ido kan gona, fara tambayarsa yadda ya yi da wannan.

Landsat na Amurka shi ma kyauta ne, kuma ya fi dogon tarihi, domin Landsat 8 kaɗai yana aiki tun 2013. Amma ɗigonsa mita 30 ne, hekta ba ta wuce ɗigo 11 ba, kuma na gefe suna haɗa shuka da hanya ko gonar maƙwabci. Kula kuma, infared na Landsat 8 B5 ne. Landsat 8 da 9 tare suna dawowa duk kwana 8, wanda a watan Agusta, lokacin da gajimare ke rufe sama, za ka iya rasa hoto mai tsabta ko ɗaya. MODIS kuwa, wata na'urar ɗaukar hoto a kan tauraron ɗan adam, ɗigonsa ya haura hekta 6, na masu duba jiha ko ƙaramar hukuma ne.

Na kuɗi iri biyu ne. PlanetScope, taurarin ɗan adam na wani kamfani, yana ba da ɗigon kusan mita 3 kusan kullum, abin da ke taimakawa wajen samun rana marar gajimare. Jirgi marar matuƙi kuma yana tashi ƙarƙashin gajimaren, ya nuna maka kunya-kunya. Amma kada ka saya sai kyamarar tana da infared na gaske da allon daidaita haske da ake ɗauka kafin a tashi. In babu shi, hoton safe da na azahar ma ba za su yi daidai ba, balle na bana da bara. Kuma ba shi da tarihi, daga ranar da ka saya kake fara tarawa.

Ko wanne ka ɗauka, ka tsaya a kansa, kuma ka kwatanta da kwanakin shuka maimakon kwanan wata. Masarar da aka shuka farkon Yuni bara, bana kuma ruwa ya makara sai ƙarshen wata, kwana 45 da kwana 45 za ka haɗa. Ka sani NDVI ba ya bambanta masara da ciyawa, don haka gonar da ba a nome ba tana iya ba da lamba mai kyau. Da zarar ya kai wajen 0.8 kuma, ƙarin ganye ba ya ɗaga shi sosai. Saboda haka hotunan mako na huɗu zuwa na bakwai bayan shuka, kafin ganye ya rufe ƙasa gaba ɗaya, su ne suka fi nuna inda gona ta ja baya, kuma can ya kamata ka taka da ƙafarka ka duba.