Gherkin a shagon Kawu: ya ceci dubu goma, amma ya sha mini kai

Wata biyu ke nan ina rubuta ƙa'idojin manhajar shagon Kawuna na taki da ke Gombe da salon Gherkin, wato rubuta misalan abin da manhaja za ta yi da jimlolin da mutum zai iya karantawa, na'ura kuma ta gwada su, kuma gaskiya da farko don dole na fara. Kawu ya ce ba zai biya kuɗin abin da bai iya karantawa ba. Mutum ne da ya haura shekara talatin yana riƙe littafin bashi da biro, sai a nuna masa lambobin kwamfuta a ce ya yarda?

Zubin farko da na kai masa shirme ne, laifina ne kuma. Na cika shi da "danna wannan maɓalli, buɗe wancan shafi, cike akwati na uku". Ya karanta layi biyu ya miƙo mini takardar, ya ce, "Kai yaro, ina cinikin yake a nan?" Daren nan na sake rubutawa, na cire duk maganar allo, na bar abin da ke faruwa tsakanin mai shago da manomi kawai. Kalmomin farkon layi na bar su yadda suke da Turanci, sauran jimlar kuwa Hausa zalla, kuma `behave`, manhajar da ke gudanar da misalan a matsayin gwaji, ya karɓa ba gardama. Na ce masa `Given` shi ne halin da ake ciki, `When` abin da ya auku, `Then` abin da ya kamata a gani. Sau ɗaya na faɗa, ya riƙe.

Ga wanda ya sa nake wannan rubutu:

```gherkin
Scenario: Manomi ya dawo da taki bayan farashi ya tashi
  Given manomi ya karɓi buhu 5 bashi a kan naira 40000 kowanne
  And farashin buhu ya koma naira 45000
  When ya dawo da buhu 2
  Then bashin da ya rage naira 110000 ne
```

Muna zaune bayan la'asar, Kawu ya ɗora yatsa a layin ƙarshe ya yi shiru. Can ya ce, "Wa ya ba shi dubu goma?" Na ce wace dubu goma, Kawu? Ya ce mutum ya ɗauki kayan dubu ɗari biyu, ya dawo da buhu biyu da ya karɓa a kan arba'in-arba'in, tamanin za a cire, saura ɗari da ashirin. Ni kuwa manhajata farashin ranar take ɗauka, ta cire casa'in. Da an fara aiki da ita haka a tsakiyar damina, lokacin da farashi ke motsi, duk wanda ya dawo da kaya zai tafi da kyautar da ba a yi niyya ba. Abin da ya fi ba ni kunya, gwajin da na rubuta tun farko yana wucewa lafiya, domin ni na yi lissafin, ni na rubuta gwajin, kuskure ɗaya a wuri biyu. Lambobin da ke cikin misalin ne suka tona asiri. Da na rubuta "bashin ya ragu daidai", da Kawu ya gyaɗa kai mun wuce.

A ranar da an ce in ba Gherkin maki, da goma zan bayar.

To amma sai mako na biyu. Kowane layi sai an ɗaura masa aikinsa a bayan fage da Python, kuma dole rubutun ya dace harafi da harafi. Yaron shago ya taimaka mini da buga wasu misalai a wayarsa, ya rubuta "karbi" babu lanƙwasa, ni kuma na ɗaura "karɓi". Sai `undefined`, wato layin da ba a samu aikinsa ba, ya cika mini allo, na ɓata kusan awa guda ina neman aljani, ashe ƙugiyar harafi ɗaya ce. Haka "ya dawo da" da "ya maido da": a kunnen Bahaushe abu ɗaya ne, a wurin na'ura layi biyu ne daban. Dole na kafa dokar kalmomi na manna a bango.

Sannan `Scenario Outline`, wato misali ɗaya da ake maimaitawa da lambobin da ke cikin tebur, wanda nake ta murna zai rage mini maimaici. Na jera tebur mai layi goma sha biyu na buhuna da farashi, Kawu ya kalle shi ya ce idonsa na ciwo. Na mayar da shi misalai uku, kowanne da labarinsa, sauran lissafin na tura shi gwajin da ba ya buƙatar idon kowa.

Kuma Kawu ba kullum yake da lokaci ba. Tun da kaka ta kama ya shiga karɓar bashi, fayil huɗu na nan bai duba ba, ni kaɗai nake rubutawa ina karantawa, aiki biyu ladan ɗaya. Idan naka mai shagon ba zai zauna ya karanta ba, kada ka wahalar da kanka. Nawa ya yi alƙawarin Juma'a bayan an sauko masallaci, na kuma riga na buga masa na ragin da ake yi wa dillalai a takarda, da manyan baƙaƙe.