Neman uzurin zuwa suna: ga saƙo biyu, ka duba bambancinsu

"Salam jama'a. Ina tirenin na haɗa sola a nan Abuja, wata uku ne, muna sati na biyar. Matar yayana ta haihu jiya Alhamis a Jos, suna Alhamis mai zuwa, kuma daga ni sai shi ne maza a gidanmu. Ogan da ke koyar da mu ba ya wasa da rajista. Ya zan rubuta masa in nemi kwana ɗaya ba tare da ya ga kamar raini ba ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena, barka, Allah ya raya, Allah ya ba mai jego lafiya. Ni na riƙe rajistar masu koyon wayarin a wata cibiya a Jos na wasu shekaru, irin saƙon nan na karanta shi ba adadi, toh bari in ajiye maka guda biyu gefe da gefe.

Na farko, wanda yawanci ke shigowa daren Laraba wajen ƙarfe goma:

"Slm oga barka da dare ya aiki ya iyali. Dan Allah dan Annabi kayi haƙuri gobe bazan samu zuwa ba, wani sha'ani ne ya taso a gida. Insha Allahu zan dawo da wuri. Nagode Allah ya ƙara girma."

Na biyu, wanda ake turawa washegarin haihuwa, wato yau ɗin nan a wajenka. Mu ɗauka sunan ya faɗo 14 ga wata:

"Assalamu alaikum Malam, barka da warhaka. Ni ne wane, na rukunin safe a ajin sola. An yi wa yayana haihuwa jiya a Jos, za a yi suna ranar Alhamis 14 ga wata. Ina neman izininku in halarta, ranar ɗaya tal. Zan kama hanya Laraba bayan an tashi aji, in juyo Alhamis da rana, Juma'a da safe ina aji in sha Allahu. Na ga a jadawali ranar ce za a yi haɗin batura. Na yi magana da abokin zamana zai ba ni abin da aka rubuta, aikin hannun kuma in kun amince zan tsaya bayan aji in yi shi a gabanku duk ranar da kuka sa min. Na gode, Allah ya saka da alheri."

In ka ƙirga gaisuwa da addu'a, na farkon ya fi yawa, amma shi ne ke ɓata rai, saboda "bazan samu zuwa ba" sanarwa ce, ka riga ka yanke hukunci kana faɗa masa kawai, duk "dan Allah dan Annabi" da ka jera a gaba ba ta canza wannan. Na biyun ya ce "ina neman izininku", maganar na hannun malam har yanzu. Ka lura da "ku" ɗin ma. Oga ba laifi ba ne a baki a wurin aiki, amma a rubuce Malam ko Injiniya ya fi zama, kuma in ka fara da "ku" kar ka sauko "ka" a tsakiya.

Sai maganar lokaci, nan ne wallahi mutane ke kashe kansu. Suna ba rasuwa ba ce da ke zuwa ba sallama. Duk malamin da ya tashi a Arewa, Musulmi ne ko Kirista, ya san ranar da aka haihu ita ke zagayowa a yi suna, sati guda cur kana da labari. To in ka bari sai daren jajibiri sannan ka ce "ya taso", ya san ba tasowa ya yi ba, ɓoyewa ka yi don kar a hana ka. Kuma "wani sha'ani" ɗin nan, ni da na gan shi raina ke ba ni ƙarya, alhali gaskiyar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sunan ɗan yayanka uwa ɗaya uba ɗaya daban, sunan ɗan abokin maƙwabci daban, ka faɗi dangantakar ya auna da kansa. Abin da ka ce cewa ku biyu ne maza a gida, za ka iya ƙara shi a layi ɗaya, kar dai ka mayar da shi tarihin gidanku.

"Zan dawo da wuri" kuma ba alkawari ba ne, da wurin wa? Na biyun ya sa rana. Sai dai ka yi lissafin hanya da gaske kafin ka rubuta ranar ɗaya tal. Abuja zuwa Jos ta Keffi, Akwanga, Hawan Kibo, ka sa awa huɗu zuwa biyar, in cunkoson Nyanya da Mararaba ya kama ka ya fi haka. Raɗin suna kuwa da sassafe ake yi, bayan asuba ko hantsi bai gama dubawa ba an shafa fatiha an raba goro da dabino, ba za ka taso Abuja Alhamis ka same shi ba, dole ka kwana Jos. In ajinku na tashi ƙarfe ɗaya ko biyu, shikenan saƙon ya yi daidai yadda yake. In sai huɗu kuke tashi, ba na ba ka shawarar bin hanyar nan da dare, ka rubuta gaskiya cewa kana neman a sallame ka Laraba da azahar, kwana ɗaya da rabi kenan. Gara ka nemi ɗaya da rabi a ba ka, da ka nemi ɗaya ka sulale da rabin. Komawa ma haka, yinin suna na mata ne, da an yanka rago kun gaisa da mutane ka ci abinci, sha biyu ta yi maka a tasha.

Abin da na fi so a saƙo na biyu shi ne ya ambaci darasin da zai wuce shi. Malami in ya ga haka ya san ka duba jadawali, ba gudun aji kake ba. Kuma a sana'ar hannu kwafar littafin aboki ba ta biyan bashi. Za ka iya haddace cewa batir biyu masu bolt 12 in an haɗa su a jere suna ba da 24, in an haɗa kai da kai suna nan a 12 sai dai su fi daɗewa, amma hannun da bai taɓa ɗaure tamina ba shi ke juya waya ya ƙona inbata. Shi ya sa tayin tsayawa bayan aji ya fi "ka yi haƙuri" goma.

Wasu na ƙarawa da "duk abin da kuka ce shi zan bi". Layi ne mai daɗi, amma in ka san ko ya hana sai ka tafi, kar ka rubuta shi. In ranar ta faɗo kan gwaji, ko ka taɓa yin fashi a baya kuma cibiyar na da adadin fashin da ke hana satifiket, zai iya cewa a'a, sai ka tura gudummawarka ta goro ka je barka ranar Asabar.

Yadda zan yi in ni ne: yau da an tashi aji in same shi in gaishe shi in faɗa masa da baki, sannan in bi da rubutun a WhatsApp, zuwa gare shi shi kaɗai ba zauren 'yan aji ba. In ya ce sai takarda ta bi ta ofis, ko sai da Turanci, ƙashin maganar ɗaya ne, ka sa kwanan wata da lambar rajistarka ka sa hannu, ka ɗauki hotonta kafin ka miƙa. Juma'a in ka dawo ka riƙo masa ɗan dabino, ka kuma faɗa masa sunan da aka sa wa jaririn.