Na'urar GPS ɗin da ta ce kuskurenta bai kai mita ɗaya ba, alhali motata na nufar bango

Na sayi wannan na'ura ce domin ƙaramar mota mai tuƙa kanta da nake amfani da ita wajen zagaya harabar wurin aikinmu, kuma abin da ya ja hankalina shi ne alkawarin da mai sayarwa ya rubuta cewa tana karɓar siginar L1 da ta L5, wato iri biyu na siginar GPS, a lokaci guda, saboda haka dogayen gine-gine ba za su ruɗa ta ba. Kuɗinta ya ninka na waɗanda aka saba ɗorawa a irin waɗannan motoci. Motar tana aiki da manhajar ArduPilot, ina kuma zana mata zangunan da za ta bi a taswirar Mission Planner, ta tashi daga wannan zango zuwa wancan har ta dawo inda ta faro.

A filin ƙwallo ba ni da abin cewa sai yabo. Tana kama taurarin ɗan adam fiye da ashirin cikin ɗan lokaci, HDOP, lambar da ƙanƙantarta ke nuna taurarin sun bazu da kyau a sama, yana tsayawa wajen 0.6, kuma na rage `WP_RADIUS`, wato kusancin da ake ɗauka motar ta isa zango, daga mita biyu zuwa ɗaya ba tare da motar ta yi ta kewaye zango tana neman shiga ba. Duk zagayen da ta yi sawun tayarta yana faɗawa kusa da na baya. Da aikina ya tsaya a fili, da yabon kaɗai zan rubuta in tashi.

Amma aikina yana ratsa wani lungu mai tsawon kamar mita arba'in. A dama akwai bene mai tsayin kusan mita talatin, hanyar motar tana wucewa mita goma daga gindinsa. A hagu, kamar mita ashirin daga hanyar, akwai wani ginin da gabansa duk gilashi ne. Da motar ta shiga lungun sai na ga ta fara karkata dama a hankali, ba da fizga ba, tana tafiya cikin natsuwa kamar wadda ta san inda ta dosa, har ta haura dakalin gefen hanya ta tattake shukokin da ke jikin benen. Kafin in mayar da ita `HOLD`, wato yanayin tsayawa, da rimot, gabanta ya riga ya bugi bango, sandar da ke riƙe da eriya ta karye. A duk tsawon wannan lokaci, abin da allon kwamfuta yake nuna mini shi ne motar ta ɗan kauce hagu tana gyara kanta zuwa kan layin da na zana. A wurinta ba ta yi laifi ba: an gaya mata tana hagu da layi, sai ta yi dama.

Abin da ya fi ɓata mini rai na same shi ne da na buɗe bayanan da motar ta adana. Adadin taurari, wato `GPS.NSats`, bai sauka ƙasa da goma sha huɗu ba. `GPS.HDop` bai wuce 0.9 ba. Shi kuwa `GPA.HAcc`, wanda shi ne ƙiyasin da na'urar take yi wa kuskuren kanta, ya tsaya ƙasa da mita ɗaya, alhali da na auna da tef daga inda motar ta tsaya zuwa inda taswira ta ce tana nan, tazarar ta kusa mita tara. Ban yi tsammanin na'ura za ta ga ta cikin bango ba. Abin da na biya kuɗi dominsa shi ne idan ta ɓace ta ce ta ɓace, domin motar ta tsaya.

Yadda abin yake faruwa ba ɓoyayye ba ne. Na'urar GPS tana gane nisanta da kowane tauraro ne ta hanyar auna lokacin da sigina ta ɗauka kafin ta iso daga sama da kilomita 20,000, sannan ta haɗa waɗannan nisa ta fitar da wurin da take. Mota da ke mita goma daga gini mai tsayin mita talatin, duk tauraron da ke can ɓangaren kuma bai haura kusan digiri 72 a sama ba, ginin ya tare shi. Wato kusan rabin sama ya rufe. Da siginar waɗannan taurari ta ɓace gaba ɗaya da an huta, domin na'urar za ta yi aiki da abin da ya rage, HDOP ya hau, kowa ya gane an shiga matsala. To ba ta ɓacewa. Tana wuce saman benen, ta bugi gilashin da ke ɗaya ɓangaren, ta dawo kan eriya. Ɗauki tauraron da ke digiri 30 a sama, yana fuskantar gilashin kai tsaye: ƙarin tafiyar da siginarsa ta yi shi ne nisan bangon sau biyu a ninka da kosain na digiri 30, wato mita arba'in sau 0.87, kusan mita 35. Na'urar za ta ɗauka tauraron ya fi nisa da mita 35, sai ta tura wurin motar nesa da shi, zuwa wajen gilashin. Idan taurari uku ko huɗu na wannan ɓangaren duk sun iso ta wannan hanya, kuskurensu ya dace da juna, lissafin ya fito da tsabta, na'urar ba ta ga dalilin shakka ba. Shi ya sa kaucewar take zuwa a faɗin lungu, ba a tsawonsa ba, kuma shi ya sa HDOP bai faɗi komai ba, domin shi yadda taurari suka bazu a sama kawai yake aunawa, ba ingancin siginarsu ba.

A nan ne alkawarin L5 ya zama rabin gaskiya. Gaskiya ne cewa lambobin da ke kan L5 sun fi na L1 sauri sau goma, kowace gaɓa tana da tsawon kusan mita 29 maimakon kusan mita 293, kuma wannan yana taimaka wa na'ura ta bambance siginar da ta zo kai tsaye da wadda ta biyo bayanta daga bango. Sharaɗin shi ne a samu ta kai tsayen. Idan gini ya tare ta, wadda ta dawo daga gilashi ce kaɗai ta iso, babu abin da za a kwatanta ta da shi. Mai sayarwa bai rubuta wannan a ko'ina ba, kuma ina ganin ya kamata ya rubuta, tunda da sunan gine-gine ya sayar.

Na tambayi kaina me ya hana manhajar motar kama wannan kuskure, tunda tana da matatar EKF da ke kwatanta GPS da abin da na'urorin auna motsi suke faɗa. Amsar ta sake komawa kan na'urar. Matatar tana ƙin karɓar tsalle na farat ɗaya, shi ne lokacin da ake ganin saƙon `GPS Glitch` a allo. Amma wannan kuskure a hankali ya taru, 'yan santimita a kowane ma'auni, kuma matatar tana auna yardarta da GPS ne da ƙiyasin da na'urar ta aiko. Na'urar ta ce ta tabbata, matatar ta yarda, `FS_EKF_THRESH`, wato iyakar shakkar matatar, bai taɓa cika ba balle motar ta tsaya.

Bayan na huce na koma na yi wa na'urar adalci, domin akwai abin da ta ba ni wanda masu araha ba sa bayarwa da sauƙi, wato ƙarfin siginar kowane tauraro daban. A fili yawancinsu suna sama da 40 a ma'aunin C/N0. A cikin lungun, taurarin da taswirar sama ta nuna suna bayan bene sun sauka wajen 30 suna hawa da sauka, alhali a ƙa'ida bai kamata a ji su ba sam. Wannan ita ce alamar da za a dogara da ita, ba yawan taurari ba. Na ɗaga `GPS_MIN_ELEV` zuwa 25 domin a watsar da na ƙasa-ƙasa, kaucewar ta ragu zuwa wajen mita huɗu, amma wanda ke digiri 30 ko 40 yana nan yana shigowa ta gilashi, kuma idan na ƙara ɗagawa taurarin da suka rage ba sa isa.

Abin da ya fitar da ni shi ne daina tambayar GPS a cikin lungun. Na ɗora ma'aunin juyin taya a tayoyin baya, na shirya wa matatar tsari na biyu da ke dogara da taya da kamfas kawai:

```
EK3_SRC2_POSXY = 0
EK3_SRC2_VELXY = 7
EK3_SRC2_YAW   = 1
RC8_OPTION     = 90
```

Na sa zango ɗaya a fili kafin bakin lungun, wani a fili bayan fitarsa, babu ko ɗaya a tsakiya, na kuma rage gudu zuwa rabin mita a daƙiƙa. Idan ta kai zangon farko sai in juya makunni a rimot, ta ratsa da lissafin taya, idan ta fita in jira wurin da GPS yake nunawa ya zauna kafin in mayar. A kan daɓen siminti tana fitowa da kuskuren da bai wuce mita ɗaya ba. A inda yashi ya taru taya tana zamewa, kuskuren ya ƙaru, kuma rodin da ke cikin ginshiƙan bene yana jan kamfas idan ta matsa kusa da bango, don haka na bar hanyarta a tsakiyar lungun. Kuskuren digiri biyu kacal a kamfas yana zama kusan mita ɗaya da rabi a ƙarshen mita arba'in. A wannan tsari na'urar tana yin aikinta da kyau a duk inda sama take buɗe, kuma na fara tunanin cewa na yi mata tsanani.

Sai amsar mai sayarwa ta iso. Na aika masa bayanan motar da hoton lungun, na tambaye shi abu ɗaya: ko akwai hanyar da za a sa ƙiyasin kuskure ya hau idan sigina ta raunana haka. Bai taɓo tambayar ba. Ya ce in sayi tashar RTK tasu, wato na'urar da ake kafawa a wuri ɗaya tana aika wa motar gyaran sigina. Duk wanda ya san aikin ya san RTK tana gyara kuskuren da tashar ƙasa da motar suka yi tarayya a kai, kamar jinkirin sigina a sararin sama da kuskuren agogon tauraro. Gilashin da ke gefen motata tashar ba ta ganin sa, saboda haka ba ta da abin da za ta gyara, kuma a lungu irin wannan abin da aka saba gani shi ne `RTK Fixed`, wato cikakken gyara, ya faɗo `RTK Float` da bai kai shi daidaito ba. Ban da haka, eriyar da ta zo a kwalin ba ta da farantin ƙarfe a ƙarƙashinta, wanda ke rage siginar da ke dawowa daga ƙasa, sai da na yanka faranti da kaina, kuma takardar da ke ciki ba ta ambaci buƙatarsa ba.

Wanda motarsa za ta yi aiki a gona ko filin wasa zai ji daɗinta. Ni da na saye ta musamman saboda gine-gine, na biya kuɗin L5, na biya kuɗin sabuwar sandar eriya, na biya kuɗin ma'aunin taya, kuma har yanzu sai na tsaya a bakin lungun da rimot a hannu kafin motar da aka ce mai tuƙa kanta ce ta iya wucewa. Tauraro biyu cikin biyar na ba ta.