Sakin layin gwaji da notis a kwantiragin aikin Faransa: wa ya kamata ya fassara maka shi zuwa Turanci?

Wanda ya samu aiki a Faransa daga Najeriya ko Ghana, kwantiragin da za a turo masa da Faransanci zai zo, domin dokar ƙwadagon ƙasar ta ce idan an rubuta kwantiragi, to da Faransanci za a rubuta. Yawancin shafukan ba su da wuyar ganewa: albashi, wurin aiki, awanni. Sakin layin da ke jawo asara shi ne wanda ya yi maganar lokacin gwaji da wa'adin sanarwa kafin rabuwa. Ga irin yadda ake rubuta shi, na tsara shi ne a matsayin misali na wani babban ma'aikaci mai kwantiragin dindindin, wanda suke kira CDI:

"Le contrat est conclu sous réserve d'une période d'essai de quatre mois, renouvelable une fois. Toute suspension du contrat prolonge d'autant la période d'essai. Durant cette période, chaque partie peut rompre le contrat sans indemnité, en respectant le délai de prévenance légal. Au-delà, le préavis est de trois mois, sauf faute grave ou lourde."

Kafin ka zaɓi mai fassara, ka san abin da za ka auna shi da shi. A cikin wannan sakin layi akwai wa'adi iri biyu, kuma Turanci yakan haɗe su da suna ɗaya, "notice period". Na farko, délai de prévenance, yana aiki ne a cikin lokacin gwaji kawai. Na biyu, préavis, sai bayan gwaji ya ƙare yake fara aiki. Tsawon na farkon ma ba a rubuta shi a kwantiragin ba, an ce dai "na doka", wato sai ka je ka duba. Idan kamfani ne ya yanke, doka ta ce awa 24 ga wanda bai kai kwana 8 a wurin ba, awa 48 daga kwana 8 zuwa wata ɗaya, mako biyu bayan wata ɗaya, wata guda cur bayan wata uku. Idan ma'aikaci ne zai tafi, awa 48 ne kawai, ko awa 24 in bai cika kwana 8 ba.

Mu ɗauka mutumin ya fara aiki ranar 3 ga Maris. Gwajinsa na wata huɗu zai cika ranar 2 ga Yuli da tsakar dare, don kwanakin kalanda ake ƙirgawa, har da Asabar da Lahadi. In ya yi jinyar kwana biyar a tsakiya, ƙarshen ya koma 7 ga Yuli, kuma abin da jimla ta biyu ke nufi ke nan. To a ce bai yi jinya ba, kamfani ya sanar da shi ranar 20 ga Yuni cewa ba za a ci gaba ba. Ya wuce wata uku, saboda haka yana da haƙƙin wata guda, wato har 20 ga Yuli. Amma wa'adin sanarwa ba ya tsawaita gwaji. Kwantiragin zai tsaya ranar 2 ga Yuli, sauran kwana 18 ɗin kuma a biya shi kuɗinsu. Idan shi ne ya samu wani aikin ranar 20 ga Yuni, kwana biyu sun ishe shi ya tafi. Ya jinkirta har 3 ga Yuli, ba a kuma sabunta gwajin ba, sai ya yi wata uku, kuma in ya fice ba tare da yardar kamfani ba ana iya binsa albashin wannan lokacin a kotun ƙwadago. Fassarar da ta kira wa'adin biyu da suna ɗaya, mai karanta ta zai zaci wata uku ke kare shi tun ranar farko.

Zaɓi na farko, wato kamfanin da kansa ya ba ka fassarar, shi ne wanda mutane suka fi mantawa da shi, alhali ba ya cin ko kwabo. Sashe na L1221-3 na dokar ƙwadagon Faransa ya ce idan ma'aikaci baƙo ne, kuma kwantiragin a rubuce yake, yana da damar neman a fassara masa shi zuwa harshensa. Duka rubutun biyu kotu na karɓarsu, kuma idan suka saɓa wa juna, wanda ke cikin harshen ma'aikacin kaɗai za a iya kafa masa hujja da shi. Wannan ƙarfi babu fassarar da za ka sayo da kanka da ke da shi. Idan kamfani ya rubuta maka wata ɗaya da Turanci alhali Faransancin ya ce wata uku, ba zai zo ya bi ka wata uku ba. Saboda haka ka nema a rubuce, ta imel, kafin ka sa hannu. Rauninta shi ne kamfani yakan fassara abin da ke shafin ne kalma da kalma. Inda Faransanci ya ce "na doka", Turancin ma zai ce "statutory", ka tashi ba ka san awa nawa ba ne. Kuma ba aikin kamfani ba ne ya nuna maka inda sakin layin ya fi amfanarsa.

Zaɓi na biyu, ɗan'uwa ko aboki mai jin Faransanci, wataƙila wanda ya yi karatu a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa. Don sanin jigon kwantiragi cikin dare ɗaya, ya wadatar. Sai dai jin harshe daban, sanin dokar ƙwadagon Faransa daban, kuma Nijar da Kamaru da Chadi kowacce tana da tata dokar da nata alkaluman, ko da kalmomin iri ɗaya ne. Inda irin wannan fassara ta fi zamewa shi ne kalmar cadre. Abokinka zai ce manaja ne, kai kuma ka ce ai ba kowa a ƙarƙashinka. A Faransa rukuni ne na ma'aikata, injiniya da ba ya shugabantar kowa yana iya shiga ciki, kuma rukunin ne ke yanke tsawon gwaji: wata biyu ga leburori da ƙananan ma'aikata, wata uku ga masu fasaha da masu sa ido, wata huɗu ga cadre. Da sabuntawa ba zai wuce wata huɗu, shida da takwas ba. Idan an rubuta wa ƙaramin ma'aikaci gwajin wata huɗu tun farko, wanda ya san harshe kawai zai fassara daidai ya wuce, bai lura an haura doka ba.

Zaɓi na uku shi ne mai fassara mai rantsuwa, traducteur assermenté, wanda sunansa ke cikin jerin ƙwararrun kotun ɗaukaka ƙara. Mutane na rububinsa saboda hatimi. Hatimin yana shaida cewa fassarar ta yi daidai da asali ne, shi ke nan, kuma saboda wannan nauyi mai fassarar zai manne wa rubutun, ba zai ƙara maka bayani ba. Yawanci da shafi ake biyansa, kuma kowa da farashinsa. In wata hukuma ko banki ko kotu ta ce sai da hatimi, ka biya. In don ka yanke shawarar sa hannu ne, kuɗin ya tafi a kan abin da ba shi kake nema ba.

Na huɗu shi ne wanda nake ganin ya cancanci kuɗinka: mai fassara da ya ƙware a takardun ƙwadago, ko ba shi da hatimi. Ba sai ka ba shi kwantiragin duka ba. Ka ba shi wannan sakin layi da wanda ya ambaci rukuninka da sunan convention collective, wato yarjejeniyar da ƙungiyoyin ma'aikata da na masu kamfani na fannin suka ƙulla. Ba tare da ita ba aikin rabi ne, domin sabunta gwaji ba ya halatta sai yarjejeniyar fannin ta yarda da shi, kwantiragin ya ambace shi, sannan kai ma ka amince ƙarara kafin gwajin farko ya ƙare. Ci gaba da zuwa aiki kawai ba amincewa ba ne. Wa'adin ajiye aiki ma galibi daga yarjejeniyar yake fitowa. Abin da doka ta ƙayyade da kanta shi ne mafi ƙarancin wa'adin sallama: wata ɗaya ga wanda ya yi wata shida zuwa ƙasa da shekara biyu, wata biyu daga shekara biyu.

Ka gaya masa kana son abu biyu a rabe: fassarar kanta, da bayani a ƙarƙashinta. Kada su cakuɗe, don ka san abin da kamfani ya rubuta da abin da mai fassara ya ƙara. Fassara mai kyau ta jimloli biyun ƙarshe za ta yi kama da wannan:

"During the trial period, either side may end the contract without severance pay, after giving the short advance warning set by law. After the trial period, the notice period is three months, except in cases of serious or gross misconduct."

Duba yadda wa'adin biyu suka samu suna daban. Duba kuma sans indemnité: an ce babu kuɗin sallama, ba a ce babu biyan komai ba, domin albashin kwanakin da ka yi da kuɗin hutun da ba ka ci ba suna nan dole a biya. A bayanin kuma ya kamata ya bambanta maka laifuffukan biyu: faute grave laifi ne da ya hana a ci gaba da riƙe ka a wurin, faute lourde kuwa sai da niyyar cutar da kamfani. Dukansu suna soke wa'adin wata ukun.

Akwai gwaji mai sauƙi kafin ka biya kowa. Ka tambaye shi: idan aka sallame ni a mako na shida, kwana nawa za a ba ni? Wanda ya san aikin zai ce mako biyu, sannan ya nemi sunan yarjejeniyar fanninka don ya duba ko ta fi haka alheri. Wanda ya ce wata uku, ka nemi wani.

Lauya kuwa sai in an riga an samu saɓani, ko kuma sakin layin ya zo da abin da ya saɓa wa alkaluman da ke sama. Don tabbatar da alkaluma kawai ba ka buƙatarsa. Shafin gwamnati na code.travail.gouv.fr yana ba da amsa gwargwadon yarjejeniyar fanninka idan ka sa sunanta ko lambarta ta IDCC, cikakken rubutun yarjejeniyar yana shafin dokokin gwamnati na Légifrance, kuma ofisoshin ƙwadago na gwamnati suna amsa tambayar ma'aikaci kyauta. Lambar IDCC ɗin, in ba ta cikin kwantiragin, ka tambayi sashen ma'aikata na kamfanin a imel ɗin da za ka nemi fassarar Turanci.

Duk wannan lissafi na CDI ne a ƙarƙashin dokar Faransa. Idan kan takardar ya ce CDD, wato kwantiragi mai wa'adi, gwajin kwana ɗaya ne a kan kowane mako na kwantiragin, ba zai wuce mako biyu ba in kwantiragin bai haura wata shida ba, wata ɗaya in ya haura. Kwantiragin wata uku da aka rubuta masa gwajin wata guda, ka mayar da shi a gyara kafin ka sa hannu.